Layi na Talatin da Biyar

Malama Safara'u ta karɓi aikin jami'ar jarrabawa ana saura kwana huɗu a ba da hutun zango na biyu. Makarantar ta 'yan mata ce, a gefen hanyar da ta tashi daga Ƙaraye zuwa Rogo. Wanda ta gada, Malam Kabir, an yi masa canji ba zato, sai ya bar mata kwamfuta da mukullin ofis, ya ce an gama shigar da maki, bugawa kawai ya rage.

Ranar Talata da hantsi ta zauna ta duba kafin ta buga. Ɗalibai na can bayan azuzuwa suna shara, ofishin shiru sai ƙarar fanka. A shafin aji biyar ta ga ta ɗaya, ta ga ta biyu, ta ga ta huɗu. Babu ta uku. Ta bi sunayen da yatsa har sau biyu, 'yan mata arba'in da ɗaya, ba wadda ta zo ta uku.

Ta danna gurbin matsayi, ta ga fomular tana auna jimillar kowace yarinya da duk jimillolin da ke tsakanin layi na biyu da na arba'in da uku. Wannan layi arba'in da biyu ke nan, ya fi yawan ajin da ɗaya. Sai ta koma kan lambobin gefen hagu tana karantawa a hankali. Daga 34 suka tsallaka zuwa 36. An ɓoye layi guda.

Da ta buɗe shi, sai suna ya fito: Siddiƙa Lado.

Safara'u ta janye hannunta daga kan kwamfutar. Ta san yarinyar, ta koyar da ita lissafi. Zazzaɓi ne ya ɗauke ta a hutun zangon farko, kuma Safara'u na cikin malaman da suka je garinsu Kwanyawa gaisuwa. Ga shi yanzu layinta cike da makin jarrabawar da aka yi makon jiya, Turanci 71, lissafi 80, har ƙarshe, ta uku a aji.

Ta yi salati a ranta, ta tashi ta buɗe taga duk da ba zafi take ji ba. Sannan ta dawo ta ɗauko takardun makin da malamai suka kawo. Tamanin ɗin lissafi da hannunta ta bayar, kuma Suwaiba ta ba wa, wadda sunanta ke bin na Siddiƙa. A kwamfuta kuwa Suwaiba na ɗauke da makin yarinyar da ke ƙasanta, ita ma waccan haka, har 'yan mata bakwai, kowa da kayan wata. Ta ƙarshe, Zulaihatu, gurabenta fayau suke in ban da na Hausa, amma jimillarta ta nuna 400 cif. Safara'u ta danna gurbin. Babu fomula a ciki, da hannu aka buga lambar.

Ta kira Malam Kabir a waya. Bayan sun gaisa ta tambayi iyali da sabon wuri, ta faɗa masa abin da ta gani. Ya ce shi ya ɓoye layin, domin ranar da ya zo gogewa hannunsa ya ƙi. Malamai sun turo makinsu da sabon jerin suna mai mutum arba'in da ɗaya, shi kuma ya kwafo ya manna daga sama, bai san mannawa tana shiga har layin da aka ɓoye ba. Jimillar Zulaihatu da ya ga ta yi ƙasa ƙwarai, ya zaci fomular ce ta lalace, ya sa mata 400 da niyyar ya dawo ya bincika. Gurbin da ke ƙirga yawan ɗalibai ma ya ba shi 42, sai ya rage iyakarsa zuwa layi na arba'in da biyu don ya daidaita.

"Kenan ka ƙirga mamaciya ka bar mai rai a waje," in ji Safara'u.

"Allah ya yafe mana, Malama," ya ce.

Hankalinta ya ɗan kwanta, tunda abin ya samu bayani. Ta shiga mayar wa kowa makinta, darasi bayan darasi, tana duba takarda. Darussa bakwai suka gyaru. Da ta zo kan Hausa sai ta tarar babu abin gyarawa. Makin Suwaiba na layin Suwaiba, na Zulaihatu na nata, kowa daidai. A layin Siddiƙa kuma akwai 74, wanda ba na kowa ba ne.

Malam Gwadabe ne ke koyar da Hausa, dattijo mai shekara talatin a aikin. Ta same shi a gindin darbejiya yana alwalar azahar, ta jira ya gama, ta rusuna ta gaishe shi. Ya ce shi har yanzu tsohon jerin zangon farko yake amfani da shi, kuma da lambar rajista yake bin takardu, ba ya duba suna don kada ya yi son kai. Duk lambar da ya ba maki, to takardarta ya gani.

Suka shiga ofis tare, aka kwance ƙunshin takardun jarrabawar Hausa. Ta ƙirga, shi ma ya ƙirga. Takarda arba'in da biyu. Takardar sa hannun ranar jarrabawa kuwa mutum arba'in da ɗaya ta nuna. Daga tsakiyar ƙunshin suka zaro wadda ta ƙaru: babu suna, sai lambar rajistar Siddiƙa a sama, da shuɗin biro. An amsa tambaya huɗu cikin biyar. Insha'in a kan ranar kasuwa ne, ya cika shafi guda, ya tsaya a tsakiyar jimla.

Malam Gwadabe ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce rubutun ya yi kama da nata, amma rubutun 'yan matan ajin duk kusan ɗaya ne, shi ba zai rantse ba.

Da aka kai wa shugabar makaranta, Hajiya Adama, maganar, ta sa aka kira Bahijja, wadda suke zama benci ɗaya da marigayiyar. Ta tambaye ta a hankali ko ita ta rubuta takarda biyu saboda kewar ƙawarta, ta ce ba za a hukunta ta ba. Yarinyar ta girgiza kai. Ta ce ko tata ma ba ta gama ba lokaci ya cika. Da aka tambaye ta wa ya zauna kusa da ita ranar, sai ta sunkuyar da kai.

"Ba mai zama a wurin, Hajiya. Ni ma matsawa nake yi."

Aka sallame ta. Hajiya Adama ta sa takardar a ambulan ta kulle a durowarta, ta ce kada maganar ta fita, kada ta kai Kwanyawa ta tayar wa iyayen da ciwo. Malam Gwadabe ya yi wa marigayiyar addu'a, suka shafa.

Safara'u ta koma ta kwafe layin zuwa wani fayil dabam, sannan ta goge shi daga shafin. Ta mayar da fomular jimillar Zulaihatu, ta buɗe iyakar ƙirga ta kai layin ƙarshe, ya ba ta 41. Suwaiba ta hau ta uku. Zulaihatu ta samu 512, ta goma sha ɗaya. A shafin katunan sakamako, kati ɗaya ya cika da alamar #REF! daga sama har ƙasa, domin layin da yake ɗebowa babu shi kuma. Ta san dalilin sarai, amma sai da ta kira Malam Gwadabe ya zauna a ofishin kafin ta cire katin.

Ranar Juma'a aka raba sakamako. Da aka dawo zango na uku Bahijja ta roƙi a canza mata benci, aka canza mata, tsohon kuma aka fitar da shi baranda.