Laburare Mai Suna Uku

Shekara uku na yi ina rubuta laburaren nan a ɗakin da ke ƙarƙashin matakala a cibiyarmu ta bincike, inda fanka ɗaya ce kuma bango take kallo. Laburare a wajenmu masu rubuta manhaja ba ɗakin littattafai ba ne, dunƙulen aiki ne da wani ya gama, sai ka sauke ka ɗora naka a kai. Nawa yana karanta sakamakon da injinan gwajin jini ke fitarwa, kowane inji da irin nasa shirmen, ya jera su a jadawali guda. Na sa masa suna tsaf. Harafi huɗu, babu lamba, babu layi a tsakiya. Na duba rumbun intanet da duk masu rubutu da yaren manhaja na Python ke sauke laburare, babu wanda ya riƙe sunan. Ka ji shi sau ɗaya a waya ka rubuta daidai.

Ba na ɓoye wa kowa cewa shi ne tsanina na fita daga ɗakin nan. Ba ni da digiri na uku, ba na zuwa taro. Abin da nake da shi kawai shi ne ranar da za a sake shi kyauta ga duniya, mutane su yi amfani da shi, su san wadda ta rubuta.

Da lokacin sakin ya zo, Farfesa, shugaban cibiyar, ya kira zama a kan suna. Mutumin da har yau sakatariyarsa ke buga masa imel a takarda ya karanta, shi ne zai raɗa wa laburare suna. Ya zauna a kan kujerarsa mai juyawa, ya faɗi tsaf sau biyu kamar mai ɗanɗana magani.

"Malama, wannan ai sunan sabulu ne. Ina cibiya a ciki? Ina darajar aikin?"

"Ranka ya daɗe, ba a allon ƙofa za a rubuta shi ba. Mutum ne zai buga shi da yatsunsa sau ashirin a rana."

"To ya buga mana. Yatsun nasa ciwo suke?"

A gefensa akwai jami'ar masu ba mu tallafi, wadda muke kira Madam Tambari saboda ko kofin shayi ta gani sai ta tambayi inda tambarinsu yake. Ita so take a sa sunan shirinsu a taƙaice, shidag2. Na tambaye ta wa zai tuna wannan, kuma biyun na mene ne tunda ba a taɓa yin na ɗaya a laburaren ba. Ta ce biyun na zangon tallafi ne, kuma kowa a ofishinsu ya san shi. Ofishinsu mutum bakwai ne, babu mai rubuta ko layi guda.

Na huɗunmu Ɗan Majigi ne, abokin aikina a takarda. Ya riga ni shiga cibiyar da shekara biyu, amma ban taɓa ganin ya gyara kuskure ɗaya ba. Abin da ya iya shi ne haska hotuna a bango da yin murmushi ga baƙi. Ranar ma gyaɗa kai kawai yake wa duk wanda ya yi magana, har ni.

Zama uku aka yi. A na ukun Farfesa ya shigo da fara'ar wanda ya sasanta ma'aurata, ya ce ya samo mafita, kowa zai samu rabonsa. A rumbu, inda ake saukewa, za a sa cibiya-kayan-daidaita-sakamakon-gwaji-na-zamani. Ma'ajiyar da ake ajiye rubutun manhajar a intanet za ta ɗauki shidag2. Ni kuma a bar min tsaf ɗina a ciki, wato sunan da ake kiran laburaren da shi a cikin rubutun manhaja, bayan kalmar import, tunda na ce canza shi zai taɓa fayil ɗari biyu. Madam Tambari har da tafi. An raba suna kamar nama, kowa ya tafi da tsokarsa.

Na yi bayani a hankali, yadda ake yi wa mai zazzaɓi. Mutum zai ga import tsaf a aikin wani, abu na farko da zai yi shi ne ya buga install tsaf don ya sauke shi. Rumbu zai ce babu. Daga nan ya tafi ke nan. Na ce aƙalla a bar ni in riƙe tsaf a rumbun, ko fanko ne, ya riƙa jawo na ainihin.

"A'a," in ji Farfesa. "Adadin saukewa muke kaiwa rahoto. Ba za a raba min shi gida biyu ba."

Na ce ba zai rabu ba, duk wanda ya sauke ƙaramin, babban ma zai sauka a ƙirga shi. Ya riga ya soma neman tabaransa. Kafin a tashi ya ƙara da cewa a wajen sunan marubuci a sa cibiya, kuma a haɗe tarihin gyare-gyaren shekara ukun ya zama shigarwa guda da sunan cibiya, don kada baƙi su ga inda na rubuta "na gaji da injin nan". Na yi duk yadda ya ce.

Da yamma na ba Baban yara labari yana wanke wa ƙaramarmu takalmin makaranta. Shi direban motar asibiti ne, bai san Python daga kifi ba, amma ya ɗago ya ce, "Riƙe sunan nan minti nawa zai ɗauke ki?"

"Biyar."

"To ki riƙe mana, wa zai sani?"

"Ba zan riƙe ba. Su gani da idonsu."

Gaskiyar ke nan, kuma ba ta yi min kyau ba. So nake abin ya faɗi warwas in tsaya a kansa in ce ai na gaya muku. Raini ya cika min ciki har na fi son in yi gaskiya da in tsira da aikina.

Wata huɗu ana saukewa sau talatin, sau arba'in, yawancinsu kwamfutocin cibiyarmu ne. Na riƙa shiga dandalin tambayoyi ina ganin mutane suna cewa sun ga tsaf a wata takardar bincike, sun nema babu. Wani ya amsa cewa kamar an daina aikin. Ban gyara masa ba. Na ɗauki hoton allon na adana, ina tara hujja kamar mai shirin kotu.

A wata na biyar adadin ya tashi zuwa dubu biyu. Farfesa ya sauko ɗakina da kansa, karo na farko, yana sunkuyar da kai saboda matakala.

"Malama, kin gani? Suna mai nauyi shi ke jawo mutane."

Da ya fita na buga install tsaf, don kawai in ji daɗin ganin babu. Sai ya sauka. Na buɗe shafin a rumbu, ga sunan Ɗan Majigi a wajen marubuci. A ma'ajiyarsa kuma ga hotonsa da murmushin nan na baƙi. Layi tara ne duka abin da ya rubuta, kuma aikinsu ɗaya: in ka sauke nasa, ya jawo nawa. Sai bayani mai kyau, da misalai uku da ya kwafa daga nawa, da zanen ɗigon jini mai dariya. Lasisin da muka saki aikin da shi ya halatta duk wannan. Ni na zaɓi lasisin.

Na same shi a ɗakin shan shayi yana juya cokali.

"Yaya, ai taimako na yi," ya ce. "Mutane suna ta nema, ke kuma kin ce ba ruwanki. Ga shi Farfesa har ya yi murna."

"Ka mayar min da sunan."

"Wallahi da zan iya. Amma an riga an gayyace ni taro biyu a kansa. Kuma in na ba ki, Farfesa zai ce kin saɓa masa. Ni bai hana ni ba, ke ya hana."

Ban taɓa jin ya faɗi magana mai ma'ana haka ba, kuma na ƙi jininsa saboda ita. Na rubuta wa masu kula da rumbun, suka amsa da ladabi cewa sunan yana hannun wanda ya fara riƙewa, yana aiki, ba ya cutar da kowa, sai dai mu daidaita tsakaninmu. Daga nan duk ƙorafin da aka kai masa sai ya turo min da kalma uku, "Yaya, ki duba." Ni kuma in duba, don asibitoci ne a ƙarshen layin, ba shi ba.

Bayan shekara wani kamfani mai haɗa manhajar ɗakunan gwaji ya kira ni ganawar ɗaukar aiki. Hawa na shida, tagogi har ƙasa. Mutum biyu ne, wata injiniya mai furfura a gaban goshi da wani mai kula da ma'aikata. Na ce ni na rubuta tsaf. Injiniyar ta gyara zama, ta ce kullum da shi suke aiki, amma ita wani suna ta sani a kansa. Na ce nasa bawo ne, na ainihin yana ƙarƙashi. Ta turo min kwamfutarta ta ce in nuna musu, allon yana haskawa a bango.

Na buga cibiya-kayan-gwaji, na tsaya. Na goge. Na buga kayan-cibiya-daidaita, babu. Daidaita ne kafin sakamako ko bayansa? Akwai kalmar na kafin zamani ko babu? A kwamfutata ban taɓa buga shi ba, kwafa nake. Na gwada shidag, na manta biyun, aka kawo min wani kamfanin taya. Mai kula da ma'aikata ya soma kallon agogo. Ƙarshe na buga tsaf, na buɗe shafin Ɗan Majigi, na gangara can ƙasa inda aka jera abin da nasa ke jawowa, na kwafo sunan laburarena daga wajensa.

Shafin ya buɗe. Marubuci, cibiya. A ma'ajiya, shigarwar farko, cibiya. Sunana ya fara bayyana ne a ƙananan gyare-gyaren bana, waɗanda na yi kan ƙorafe-ƙorafen da Ɗan Majigi ya turo min.

Injiniyar ta karanta su a natse, ta ce gyare-gyaren suna da kyau ƙwarai, ana ganin hannun wadda ta fahimci aikin. Mace ce mai kirki, da gaske take son ta ƙarfafa min gwiwa.

"Kada ki damu," ta ce. "Da muka ga kin ambaci tsaf a takardarki, mun tuntuɓi mai shi. Ya yabe ki sosai. Ya ce a duk masu taimaka masa, babu mai saurin amsawa kamarki."