Ramin da Ke Bayan Kwalayen Ƙarin Ruwa

Ɗanburam bai taɓa satar ko allura ɗaya ba a siton maganin da ya riƙe a Jimeta. Laifinsa ya fi sata muni. Mutum ne da ya gwammace a binne jama'a da a ce ya yi kuskure.

Shekarar da amai da gudawa ta shigo ƙasar nan, babban ofis na Maiduguri ya kawo sabon tsari. A da, mai sito shi ke duba kantocinsa, ya rubuta abin da yake bukata, a aiko masa. Yanzu kuwa kowane magani an ba shi kati, ana aika kwafin shiga da fita Maiduguri, wata na'urar lissafi a can ta faɗi abin da za a loda wa kowane gari. Aka tsayar da ranar rufe sito. Daga Juma'a zuwa safiyar Litinin babu abin da zai shiga ko ya fita, domin a ƙirga kaya suna zaune wuri ɗaya. Abin da aka ƙirga shi za a rubuta a kan katin farko, kuma a kansa na'ura za ta gina duk lissafinta. Bayan haka a yi wata guda ana tafiyar da tsohon littafi da sabon kati tare, kowane mako a gwada su da abin da ke kan kanta. In sun dace, a rufe tsohon tsari. In ba su dace ba, a koma gidan jiya, a sake ƙirga, a sake sa rana.

Apollos, mataimakin Ɗanburam, shi ya yi ƙirgar ranar Asabar. Kwalayen ƙarin ruwa sun cika kusurwar gabas har kusa da rufi. Ranar Lahadi yana coci.

Har wata ya kusa ƙarewa littafi da kati ba su saɓa ba. Duk Asabar Apollos yakan tsaya gaban tarin kwalayen, ya ƙirga na fuska, ya ninka da zurfin da ya sani, ya sa hannu. Haka Ɗanburam ya koya masa, ya ce mai hankali ba ya sauke kaya don ya sake ɗora su.

Ana nan sai labari ya fara zuwa daga ƙauyukan bakin kogi. A tashar fito mutane suka daina shan ruwa a hannun juna. Asta, nas ɗin da ke Ngurore, ta aiko a faɗa wa sito cewa cutar ta iso, a shirya mata ruwa da yawa. Mahaifiyar Apollos, Keturah, a Ngurore take noma, kuma ba ta jin maganar dafa ruwan sha.

Da safen ranar da mai duba aiki zai zo a yanke shawara, Apollos ya ji kukan 'ya'yan kyanwa. Ya duba ƙarƙashin kantoci, babu. Kukan daga cikin tarin yake fitowa, can ciki, inda bai kamata a sami wurin da ko ɓera zai juya ba. Ya taka tsani, ya zare kwali ɗaya daga sama, ya leƙa.

Bayan layin farko babu komai. Rami ne har bango, kyanwar sito ta haihu a ƙasa kan tsohon buhu.

Ya sauko daga tsanin. Sa hannunsa na kan kowace takardar mako.

Ɗanburam ya shigo ya ga kwalin a ƙasa, ya tura ƙofa. Bai yi musu ba. Ya ce ranar Lahadin da sito yake rufe don ƙirga mota ta zo daga asibitocin kudu, direba ya rantse in bai loda ranar ba kogunan hanya za su tare shi sai bayan damina. Ya loda masa kwalayen da ke baya, ya mayar da layin farko yadda yake. Dokar ta ce in larura ta sa aka buɗe sito lokacin rufewa, a rubuta a takarda daban, a gyara adadin farko kafin Litinin. Amma shi ya riga ya aika nasa adadin tun Asabar, ya kuma buga waya yana alfahari cewa Jimeta ce ta fara gamawa. Don haka kayan ba su fita a tsohon littafi ba, ba su fita a kati ba. Shi ya sa biyun suke dacewa.

"Ka mayar da kwalin nan, ɗan mishan," in ji shi. "Bayan an rufe tsohon littafi zan riƙa rubuta sun fashe, kaɗan-kaɗan. Wa ya sani?"

"Ranka ya daɗe, na'ura ta ɗauka muna da su. Ba za ta loda mana ko kwalba ɗaya ba."

"Wa ya sa ka a aikin nan? Kuma hannun wa ke kan takardun Asabar, nawa ko naka?"

Apollos ya mayar da kwalin.

Mai duba aikin, Malam Jalo, ya iso da hantsi, mutum ne mai gajen haƙuri da ciwon baya. Ya jera kati kusa da littafi, ya bi su layi-layi, ya ce bai ga sito mai tsabtar lissafi irin wannan ba. Ya faɗa musu cewa motar Maiduguri ta ƙarshe kafin hanya ta lalace za a loda ta cikin makon, bisa abin da na'ura ta faɗa. Da sun sa hannu zai tafi da littafin neman kaya, tsohon tsari ya ƙare. Wanda ya nemi abin da katinsa ya ce yana da shi, sai an yi bincike kafin a saurare shi, bincike kuwa sai bayan damina.

Ɗanburam ya sa hannu, ya tura takardar gaban Apollos.

Apollos ya riƙe biro. Yana ganin matarsa da ciki, yana ganin ɗakin hayarsu a unguwar Ajiya, yana ganin kansa ya koma gida ba aiki. Kuma yana ganin Asta ta aiko mota, a ba ta layin farko, ta sake aikowa a ce babu. Ba shi da ƙarfin zuciyar da zai tuhumi babba a gaban baƙo, ya san haka. Abin da ya iya kawai, ya ce da murya ƙasa-ƙasa akwai kyanwa da ta maƙale a bayan kwalaye, ko Malam zai zo ya gani.

Jalo ya dube shi, ya dubi Ɗanburam wanda zufa ta jiƙa wuyan rigarsa. Ya tashi yana dafe da baya, ya hau tsanin da kansa.

Ya daɗe a sama. Da ya sauko bai ɗaga murya ba. Ya ja layi a kan takardar, ya ce Jimeta ta koma tsohon tsari daga wannan sa'a, a sauke kowane kwali a ƙirga da hannu, a rubuta neman ƙarin ruwa a tsohon littafi. Ya tafi gidan waya ya zauna har aka haɗa shi da Maiduguri.

An loda ruwan. Amma motar ta kafe a taɓo a hanya, sannan ta jira jirgin fito. Layin farko ya ƙare a Ngurore kafin ta iso. Keturah ta kamu a ranakun da babu ruwa, Asta ta riƙe ta da gishiri da sukari a cokali har motar ta zo, ta tashi. Waɗansu da suka kwanta kusa da ita ba su tashi ba. Da an faɗi gaskiya tun Litinin ɗin farko, da ruwan ya daɗe da zuwa.

Apollos ya sami takardar gargaɗi, aka hana shi ƙarin albashi na shekarar, kuma ya cancanci haka, domin wanda aka ce ya ƙirga ba a ce ya ninka ba.

Ɗanburam kuwa an kore shi daga aiki saura kaɗan ya yi ritaya, ba fansho, aka kuma ɗaure shi wata tara saboda sa hannu a kan ƙarya.