Zumar Garar Siddiƙa

Jarkar ta fi shekara shida a lungun shagon, bayan buhunan albasa, bakinta ɗaure da leda da roba. Marigayi Malam Arzika ne ya taho da ita daga gida a zuwansa na ƙarshe, daga amyar ƙaninsa. Ranar da ya ajiye ta ya ce wa ɗansa Imrana, "Wannan ta garar Siddiƙa ce. Da ita za a yi mata alkaki. Ko ina nan ko ba na nan, kada a taɓa."

A lokacin Siddiƙa ko sakandare ba ta gama ba. Yanzu an sa ranarta, Malam kuma yana maƙabarta. Shagon na Kasuwar Ose da ke Anacha ya koma hannun Imrana, jarkar ma haka.

Saura wata guda da 'yan kwanaki biki, ya janyo ta don ya duba. Ya kwance robar, ya cire murfin, ya karkata jarkar. Ko ɗigo bai fito ba. Ya leƙa. Zumar ta daskare, ta yi fari-fari, tsaki-tsaki kamar man shanun da ya kwana a sanyi. Ya zura tsinke, tsinken ya tsaya cak.

Haidar, mai tattasai na shagon kusa, ya zuro kai.

"Mutumina, siminti kake sayarwa yanzu?"

"Zumar Baba ce."

Haidar ya dangwala ya lasa. "Kai! Wannan ta mutu. Sukari ne ya fito fili. In dangin ango suka ga wannan, har Fatakwal sai an ji labari."

Abin da ya tsaya wa Imrana a rai ɗaya ne: za a ce a hannunsa amanar ta lalace.

"Ba ka ganin yadda ake yi wa madarar gwangwani in ta kafe?" in ji Haidar. "Ruwan ɗumi kaɗan, ka jijjiga. Ta dawo amarya."

Imrana ya karɓi ruwan zafi wajen mai shayi, ya sirka. Kofi ɗaya bai yi komai ba. Ya ƙara, ya ƙara, yana motsawa da sanda har kafaɗarsa ta yi tsami. Kafin la'asar zumar ta saki, ta yi ja, tana zuba kamar ranar da aka tace ta. Ya bar bakin a buɗe kwana biyu wai ta sha iska. Damina ce, iskar Anacha kuwa ko riga ka shanya ba ta bushewa. Sannan ya toshe ya mayar lungu.

Ranar Juma'a yana cin tuwo a tsakar gida, mahaifiyarsa Hajaratu tana tankaɗen alkama, Siddiƙa na taya ta.

"Umma, anya zumar nan tana nan kuwa?" Siddiƙa ta tambaya. "Tun ina sa ɗan kwali a karkace fa."

"Har yanzu ma a karkace kike sa shi," Umma ta ce. "Zuma ba ta tsufa, ke. A gidan masu amya na tashi. Ƙudan zuma ba ya rufe saƙa da kaki sai ya yi ta fifita ta da fukafukansa, ruwan ya ƙafe. Abin da ba ruwa a cikinsa, me zai rayu a ciki har ya ɓata shi? Ita ce ma take tsotse ruwan duk abin da ya faɗa mata. Ga ɗan tsami-tsamin da Allah Ya sa mata. Kakana ya bar wata a tulu, sai da jikokinsa suka sha."

"To in ta daskare fa?"

"Lafiyarta ke nan. A tsoma jarkar cikin ruwan ɗumi, ta narke da kanta. Jarkar za a sa a ruwa, ba ruwa a jarka ba. Maƙiyinta ɗaya a duniya, ruwa. Ko cokali mai laima ba a sa mata. Ko murfi ka bari a buɗe a garin nan, iska kawai za ta ishe ta, don ita zuma kullum da ƙishirwa take. Tana sha kuwa sai ta tashi kamar ƙullu, ta koma giya."

Imrana ya mayar da lomar da ya ɗauka cikin kwano.

"Yaya, miyar ce ba gishiri?" Siddiƙa ta ce tana dariya.

Ya wanke hannu ya fita.

Makon farko jarkar ba ta nuna komai ba. Har ya fara cewa ko Umma ta kai abin nesa. A mako na biyu ya ɗora hannu a gefenta, ya ji ta yi tauri kamar ganga. Ya ɗan murɗa murfin. Ta yi tsaki, dogo, siriri. Wari ya biyo baya, mai zaƙi, da tsami a ƙarƙashinsa.

Daga ranar kullum da safe sai ya sassauta murfin ta huce kafin maƙwabta su buɗe. Kullum kuma kafin azahar ta sake cika ciki. Gindinta ya bulluƙo, ta daina zama daidai, sai ta riƙa jirkicewa in babbar mota ta wuce. Wani lokaci yana auna wa mai saye albasa sai ya ji ta a bayansa, ƙus-ƙus, kamar mutum na magana a ɗaki. Wani farin kumfa ya fara tsattsafowa ta wuyanta. Ƙudaje suka bar tattasan Haidar suka dawo shagonsa.

"Wa ke dafa burkutu a layin Musulmi?" wani dattijo ya tambaya yana wucewa da carbi.

Haidar ya duƙar da kai yana tsintar tattasai. Tun ranar bai sake zuro kai ba.

Imrana ya san inda ake sayar da zuma a kasuwar Head Bridge. Ya je har bakin rumfar, ya tsaya, ya juyo. Zuma dai zuma ce. Amma ba ita Malam ya ɗauko daga gida a kan cinyarsa ba, kuma Umma da lasa ɗaya za ta gane.

Ranar suyar alkaki Umma ta kira shi a waya. "Gwaggonninka sun hallara, mai ya yi zafi. Kawo amanar mahaifinka."

Ya tare okada, ya ɗora jarkar tsakaninsa da direban. Rana ta take. Kowane rami suka faɗa sai ya ji ta ƙara tauri a ƙirjinsa.

Tsakar gidan cike da mata. Alkaki ya yi tudu a faranti, yana jiran abin da za a tsoma shi. Gwaggo Haulatu, ƙanwar marigayi, ta rangaɗa guɗa da ta ga jarkar. "Allah Ya jiƙan Yaya! Ya ce zai yi, ga shi ya yi yana kwance."

Imrana ya dire ta a gaban Umma. Jarkar ta yi rawa kan gindinta kafin ta tsaya.

Umma ta dubi kumburin. Ta dubi kumfan da ya bushe a wuya. Sannan ta dubi ɗanta.

"Umma, ta daskare ne. Na ɗauka..."

"Matsa da yaran nan baya," ta ce wa Siddiƙa.

Ta sa gefen zaninta ta murɗa murfin a hankali. Ya ƙwace daga hannunta ya daki langa-langa. Kumfa ya yi tsiri, ya malalo kan siminti, ya bi ta ƙarƙashin tabarma. Warin ya cika gidan. Gwaggo Haulatu ta toshe hanci da mayafi tana salati.

Mai na ta tafasa a kasko.

"Fitar min da ita," Umma ta ce. Muryarta ba ta tashi ba. "Ba za ta kwana a gidan Malam ba. Haulatu, ɗora tukunya, a dafa sukari."

Siddiƙa ta durƙusa ta ɗauko murfin daga inda ya faɗi. Ta goge shi da bakin ɗan kwalinta, ta riƙe.

Imrana ya rungumi jarkar ya fita da ita zuwa kwata. Ta yi sauƙi yanzu. Yana tuntsurar da ita, ƙudan zuma guda biyu suka zo, suka kewaya bakinta, suka tafi.