Layi Biyar na Injiniya

A masana'antar kujeru kowa Injiniya yake ce masa, duk da bai taɓa taka wata babbar makaranta ba. Shekara goma sha tara ya yi yana gyaran injunan wurin, har ya kai da kunne kawai yake gane wanda ke shirin lalacewa. Amma tun ranar Talatar da injin tsaga katako ya cinye yatsu huɗu na hannun Dogo, wani ma'aikacin wurin, kunnen nan ya zame masa masifa. Ko yana zaune a gida sai ya ji ƙarar zarton, da yadda ta canza ta yi laushi na ɗan lokaci kafin ihu ya biyo baya.

Shi ya cire murfin kariyar da ke rufe bakin zarton, da sifanarsa, noti huɗu. Manaja ne ya tsaya a kansa ya ce a cire, wai murfin yana hana manyan katakai shiga, ga odar tebura ta taru. Da baki ya faɗa, bai rubuta ko'ina ba. Yanzu da jami'an ƙwadago suka ce za su zo bincike, Manaja ya ce shi bai san zancen ba, kuma an ba Injiniya takardar tuhuma. Ya amsa ta tare da sakataren ƙungiyar ma'aikata, ana jiran ranar zama. Sai dai shi ya riga ya yanke cewa ba zai iya ci gaba da aiki a gefen injin nan ba.

Ranar Asabar da rana babbar 'yarsa ta zo gida. Tana buga takardu ne a ofishin wani lauya. Ta same shi a falo ya kashe fanka don kada ta ɗauke masa takardu, gumi ya jiƙa masa riga.

"Baba, littafi kake rubutawa?"

"Takardar ajiye aiki ce, Uwata. Ki buga min ita da injinku, kada su ce ba su gane rubutuna ba."

Shafi huɗu ne, ciki da baya. Ta zauna a hannun kujera tana karantawa, shi kuma yana kallon fuskarta kamar mai jiran sakamakon asibiti. A shafi na biyu ta daina motsi. Ta karanto a fili: "Ni na cire murfin da hannuna, bisa umarninka, kai azzalumi maƙaryaci wanda ya yanke wa bawan Allah hannu."

"Ƙarya na yi?"

"Ba ka yi ƙarya ba. Amma wa zai riƙe takardar nan?"

"Manaja."

"To. Ka ba shi shaidar cewa kai ka cire, da sa hannunka a ƙasa. Shi fa, ina shaidar cewa ya ce ka cire?"

Daga kicin uwar yaran ta leƙo da ludayi a hannu. "Na gaya masa tun jiya, ya ce ni me na sani ban da gishiri."

"Kuma wannan azzalumin da maƙaryacin," 'yar ta ci gaba, "zai iya kai ka ƙara ya ce ka ɓata masa suna. Ga nan ka ce yana sayar da katakon kamfani a ɓoye. Ka gani da idonka?"

"Kowa ya sani."

"Kowa ba zai zo kotu ba, Baba. Kai kaɗai za ka je."

Ta juya shafi na ƙarshe, inda rubutun ya karkace saboda hannunsa ya gaji. A nan ya rubuta cewa ba ya iya barci, yana neman gafarar kowa, a yafe masa kuskuren da ya jawo wannan abu. Ta ɗora yatsa a kai.

"Wannan ya fi duk sauran haɗari."

"Neman yafiyar? Haba Uwata. Mutum ya yi shekara goma sha tara a wuri ya tafi bai ce a yafe masa ba? Haka na koya muku?"

"Da baki, ga wanda ya dace, ka nema. A takarda lauyansu zai ja layi a ƙarƙashi ya ce ga shi ya amsa laifi shi kaɗai. Na buga irin wannan da hannuna, na ga yadda ake yi da mutane."

Ya miƙe ya je bakin taga. A waje wani na yankan ƙarfe a shagon walda. Ya rufe tagar duk da zafin.

"Wato in ɓoye gaskiya."

"A'a. Ka faɗe ta duka, har da cewa kai ka cire, amma a gaban masu bincike, sakataren ƙungiya na gefenka, inda za a tambaye ka a tambayi Manaja. Takardar ajiye aiki ba ta yin shari'a. Durowar Manaja za ta shiga, ya zaro ta ranar da ya ga dama, ya karanta layin da ya ga dama."

Ta fita tsakar gida ta kira lauyan da take yi wa aiki a waya, ta daɗe tana cewa to, to. Da ta dawo ta sa aka nemo takardar ɗaukarsa aiki a cikin tsohuwar jaka, takardar har ta yi rawaya don tsufa, ta duba ta ga notis na wata ɗaya ake bukata kafin barin aiki. Lauyan ya ce da zai iya daurewa har a gama bincike da ya fi, don wasu za su ce gudu ya yi. Injiniya ya girgiza kai kawai. Sai ta rubuta masa a bayan ambulan: yana sanar da ajiye aikinsa na mai gyaran injuna. Ya ba da notis na wata ɗaya kamar yadda yarjejeniya ta ce, ranar kaza ce ta ƙarshe. Zai miƙa kayan aiki da makullai ga wanda aka nuna masa. A shirye yake ya ba da haɗin kai ga binciken da ake yi, kafin tafiyarsa da bayanta. Wannan takarda ba ta nufin ya sarayar da wani haƙƙi nasa.

Ya ƙirga da yatsa. "Layi biyar. Shekara goma sha tara."

"Kwafi biyu zan buga. Ɗaya ka ba su, ɗaya su buga maka hatimi da kwanan wata ka dawo da ita. Kada ka ƙara ko harafi, Baba. Ko an roƙe ka."

Litinin da safe ya bi ta cikin zauren injuna don babu wata hanyar zuwa ofis. An mayar da murfin kariyar, notin sun yi sabon sheƙi, bai san wa ya ɗaura ba. An share garin katakon ƙasa, amma simintin wurin ya fi na ko'ina haske saboda wankin da ya sha. Ya kewaye wurin.

Manaja ya karanta takardar sau biyu, ya juya bayanta ya ga fari.

"Shi ke nan? Injiniya, ko mai gadi in zai tafi ya fi ka magana. Zauna mana." Ya sa aka kawo ruwan sanyi. Muryarsa ta yi taushi irin wadda Injiniya bai taɓa ji ba. "Ni da kai ba mu da faɗa. Tsautsayi ne. Amma takardar nan ta bushe da yawa, masu kamfani za su ce ka tafi da fushi. Ƙara layi ɗaya a ƙasa da hannunka, ka ce kana baƙin cikin kuskuren da aka samu kana neman afuwa. Ni kuma in rubuta maka takardar shaida mai kyau, duk inda ka je a ɗauke ka."

Ya turo biro a kan tebur har ya taɓa yatsun Injiniya.

Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne yadda ya so ya rubuta. Kwana goma sha uku yana neman wanda zai faɗa wa kalmomin nan, ga wani ya buɗe masa ƙofa. Ya ɗauki biron. A bayan bango aka tayar da injin tsagawa, ƙarar ta hau ta cika ofishin, ya zauna yana jiran ta yi laushi. Ya kalli hannun Manaja a kan tebur, yatsu biyar cif, da zobe. Wannan ne mutumin da zai ce wa ya yafe masa?

Ya ajiye biron. "Abin da ke ciki ya isa, ranka ya daɗe."

"Wa ya rubuta maka wannan?"

"Ni na sa hannu."

"Za ka yi nadama."

"Ina cikinta tun tuni."

A ofishin waje sakatariya ta karɓi kwafin biyu. Ta kalli ƙofar Manaja, ta kalli Injiniya, sannan ta buga hatimi, ta rubuta kwanan wata da lokaci, ta miƙo masa tasa.

Da aka tashi aiki bai nufi gida ba. Dogo yana zaune a ƙofar ɗakinsa a kan benci, hannun daman a naɗe da farin bandeji, ya ɗora shi a kan matashi.

"A'a, Injiniya da kansa. Na ɗauka ka manta hanya."

Injiniya ya durƙusa a gabansa, abin da bai taɓa yi wa ƙaninsa a shekaru ba. "Dogo, ni na cire murfin. Ka yafe min."

"Na sani. Ina bayanku ina jiran katako lokacin da Manaja ya ce ka cire." Dogo ya gyara zama. "Jiya ya aiko a ce min wai ban ji daidai ba, ƙarar inji ta yi yawa."

"Me ka ce?"

"Ban ce komai ba tukuna. Yara biyar gare ni, kuma ban san wa zai ɗauki mai hannu ɗaya ba in ba su ba." Ya kawar da kai. "Kai za ka faɗa musu kai ka cire?"

"Zan faɗa."

Dogo bai ce ya yafe ba, bai kuma ce zai yi shaida ba. Ya daɗe yana kallon bandejin, sannan ya kai hannun hagu ya shiga sosa iska, ɗan nesa da inda naɗin ya ƙare.

"Ƙaramin yatsan ne," ya ce. "Tun safe yake min ƙaiƙayi."