Hutun Kawu

Aikin Yaya a cibiyar amsa kiran waya shi ne duba, amma ba na ƙasa ba. Takan ɗauko kiran makonnin baya, ta ga nawa ke shigowa kowace awa da tsawon da kowane kira ke ci. Daga nan sai ta fitar da yawan ma'aikatan da za su zauna, ta tura hutunsu inda kira ya yi sauƙi, bi da bi. Lissafinta bai cika kuskure ba, har ana tsokanarta da malamar duba.

Sai bayan rasuwar Kawu lissafin ya fara ƙin ta.

Kawu shi ne dattijon cikinsu, mai yawan tari, mai kujerar bakin taga. Bai taɓa cin hutunsa ba. Da ya ga wani ya galabaita sai ya ce, "Je ka sha ruwa, na riƙe maka." Ba a ɗauki kowa a madadinsa ba.

Hantsin Litinin ne lokacin cunkoso. Lissafi ya ce mutum goma sha biyu, su kuwa sha ɗaya suka rage, don haka dole layi ya taru. Bai taru ba. Yaya ta tsaya tana kallon allon bango, kowa yana kan kira, amma adadin masu jira sai raguwa yake yi. Ta waiga ta dubi kujerar bakin taga, babu kowa a kai.

Manaja kuwa daɗi ya ji. "Tunda sha ɗaya sun riƙe layi ba gumi, goma ma za su iya. Wacce ta zo ƙarshe ita za ta tafi."

Wacce ta zo ƙarshe Auta ce, ƙanwar Yaya.

Da rana Auta ta same ta, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, wata mata ta bugo, wai in yi wa dattijon nan mai tari godiya. Wai ɗazu ya gyara mata layinta."

Da Yaya ta zauna tsara mako mai zuwa, sai ta mayar da sunan Kawu cikin jadawalin. Ta sa masa hutu a tsakiyar cunkoson Litinin, inda ba ta taɓa sa wa kowa ba.

Ranar, da lokacin hutun Kawu ya yi, kujerar bakin taga ta yi ƙara, ta ɗan ja baya. Nan take allo ya koma ja, masu jira suka yi ta hauhawa. Manaja ya fito yana share gumi.

"Kar a taɓa min kowa! A nemo wani ma!"

Auta ta tsira. Yaya ta zuba wa agogo ido har lokacin hutun ya cika, ya wuce. Allo bai sauka ba, kujerar ma ba ta koma wurinta ba.

Sai ta ji hawaye sun zubo mata. Ta ce a hankali, "Huta, Kawu. Mun riƙe maka."