Bayanin Hoton Famfo a Harsuna Uku

Ranar Litinin, huɗu ga Maris, editar shafin intanet na wata ƙungiya ta zauna duba hotuna sittin da biyu, a harsuna uku. Ƙa'idarta ɗaya ce: rubutun da ake gani a ƙarƙashin hoto ya ba da labari, ɓoyayyen bayanin da manhaja ke karanta wa makafi kuwa ya faɗi abin da ke cikin hoton a taƙaice, da murya ɗaya a kowane harshe.

Ta kunna manhajar a kan hoton famfo. Da Ingilishi da Faransanci ta ji: mata uku suna ɗiban ruwa. Da Hausa kuwa sai: "Shugabanmu, bango abin jingina, mai shayar da al'umma."

Ta kira mai sashen Hausa, wanda iliminsa kaf bai wuce auren ƙanwar shugaban ƙungiyar ba.

"Malam, ina shugaba a hoton nan?"

"Ranki ya daɗe, ai makaho ba zai ƙaryata ni ba."

Ta kai ƙara ofishin shugaba, ta kunna masa duka ukun. Ya saurara yana shafa tumbi, ya ce a maimaita na Hausa.

"Kin yi gaskiya, 'yata, murya ta bambanta. A gyara sauran biyun su bi wannan."

Ta ƙi. Kafin ƙarshen wata aka mayar da ita sashen ajiyar takardu, surukin ya gaji kujerarta. Har aka rufe shafin, babu harshen da ya sake ambaton matan nan uku.