Dangin Tazargade

Likita Manzo ya taƙaita wa 'yan jarida da masu gari binciken da ya zo ofishin lafiya na Tawa.

"Sabon maganin masassarar cizon sauro ne, daga wani ganye na ƙasar Sin. Yana sauke zazzaɓi da sauri, amma ga wasu ciwon ya dawo cikin wata guda. Mutane kaɗan aka gwada, kuma bai iso nan ba. A ci gaba da shan nibakin, ƙwayar da aka saba."

Maigari Attaher ya dube shi a kaikaice. "Wane ganye?"

Manzo ya san dangin tazargade ne. Ya kuma san in ya faɗa, iyaye za su ajiye nibakin, su ɗura wa yara jiƙo. Sai ya faɗi sunan da Latinanci.

"Likita, mi kake ɓoye muna?" in ji Attaher. "Ko na hana haihuwa ne sojan da ke mulki suka sayo?"

Ɗan jaridar rediyo ya matso da makirfo. Manzo ya dubi makirfon, ya ce:

"Dangin tazargade ne. Amma ba ita ba ce, don Allah!"

Washegari tazargade ta ƙare a kasuwa. Da Manzo ya koma gida, matarsa Safi ta miƙo masa kofi guda na ruwan tazargade, da ɗuminsa.